Huci, Ƙugi da Amsa-kuwwa: Yadda Ake Wanke Murya a Teburin Tace Bidiyo

"Ku bar shi kawai, za a gyara wajen tacewa." Duk wanda ya taɓa tsayawa inda ake ɗaukar fim, ko hira, ko karatun malami, ya san wannan magana. Ana faɗinta ne idan mai riƙe da makirufo ya ɗaga hannu ya ce yana jin wata ƙara a kunnensa, ga rana tana yi, ga baƙo ya ƙosa. Sai a ci gaba da ɗauka. Da aikin ya iso gaban mai tacewa ya sa hedifon, sai ya tarar da murya a nutse cikin abu uku: wani huci mai "ssss" da ba ya yankewa, wani ƙugi mai kauri a can ƙasa, ga kuma maganar tana amsawa a ɗakin da aka yi ta.

Mutane kan haɗa ukun su kira su ƙara, su nemi maɓalli ɗaya da zai share su. Daga nan ɓarna take farawa, domin kowannensu da asalinsa da maganinsa, kuma ba su zo ɗaya wajen jin magani ba. Ƙugin wuta ana iya fitar da shi kusan kaf. Huci ana rage shi ne, a bar saura. Amsa-kuwwa kuwa, abin da manhaja za ta iya yi mata kaɗan ne, kuma wanda ya matsa sai ya rabu da ita gaba ɗaya, muryar ce za ta lalace a hannunsa.

Don a ga abin a aikace, a ƙaddara an yi hira da wani dattijo a falonsa a Kano. Falon mita biyar ne a tsawo, huɗu a faɗi, uku a sama. Ƙasa tayil, bango siminti da fenti, babu labule mai kauri, babu kafet. Babu wutar Nefa, an tayar da ƙaramin janareta a bayan gida. An kafa kyamara kamar mita biyu daga kujerar dattijon, makirufo yana kanta, ita kuma tana jone da caja don kada batir ya mutu a tsakiyar hira. Alƙaluman da za su biyo baya na wannan misalin ne, amma duk mai tacewa ya sha cin karo da irinsu.

Kafin ya taɓa kowane maɓalli, mai tacewa da ya san aikinsa yakan nemi wurin da ba a magana a cikin ɗaukar, ko da sakan uku ne, ya ɗaga sauti ya saurara da hedifon. Lasifikar kwamfuta ko ta waya ba ta isa wannan aiki ba, saboda ƙarama ce, ba ta fitar da sauti mai kauri. Ƙugin yana nan, ita ce ba ta nuna shi. Sai ranar da aka kunna hirar a mota ko a babbar lasifikar falo a ji shi yana girgiza wuri. Sannan ya dubi ma'aunin sauti da ke gefen allo. A misalinmu muryar dattijon tana kaiwa -30 dB, shirun ɗakin kuma yana tsaye a -55 dB. Tazarar desibel 25 ke nan tsakanin murya da ƙara. Idan aka ɗaga muryar da desibel 18 don ta kai -12 inda za a ji ta sosai, ƙarar ma za ta taso zuwa -37. Tazarar ba ta motsa ba. Duk aikin da za a yi nan gaba, faɗaɗa wannan tazara ne ba tare da an taɓa lafiyar murya ba.

Akwai kuma wani bincike na minti ɗaya da ke ceton aiki da yawa. Sau tari ana ɗauka da makirufo biyu, na maƙalawa a riga da na kyamara, ɗaya ya shiga ɓangaren hagu ɗaya ya shiga dama. Idan aka bar su suna tafiya tare, murya za ta yi wani irin rami. Dalili shi ne sauti yana tafiyar kusan mita 343 a sakan, don haka yana isa makirufon da ke nesan mita biyu a makare da kusan kashi 6 cikin 1,000 na sakan. Wannan 'yar makara ta isa ta sa muryoyin biyu su riƙa cin juna. Mai tacewa sai ya ɗauka amsa-kuwwa ce, alhali abin da ake buƙata kawai shi ne a kashe na kyamara a bar na riga. A DaVinci Resolve ana yin haka ta Clip Attributes, a Premiere Pro kuma ta Audio Channels.

Ƙugin wuta

Da shi ake farawa, don shi ne mafi sauƙin kamawa. Wutar lantarki da ke zuwa gida ba a miƙe take tafiya ba, kai da komo take yi. A Nijeriya da Nijar da Ghana da Kamaru da Chadi da Sudan, sau 50 take yi a kowane sakan, abin da ake rubutawa 50 Hz. A Amurka da Saudiyya sau 60 ne. Idan wannan kaɗawa ta sami hanyar shiga wayar makirufo, ta caja mara kyau, ko ta wayar sauti da aka shimfiɗa gefe da gefe da wayar wuta, ko ta jona kyamara da na'urar haɗa sauti alhali kowacce tana shan wuta daga soket daban, sai ta koma sauti. Kuma ba ta zuwa ita kaɗai. Tana tafe da ninkin kanta, 100, 150, 200, har sama. Waɗannan ninke-ninken su ne ke ba ƙugin wani kaifi kamar "zzzz", su ne kuma kunne ya fi ji a ƙaramar lasifika.

Abin da ya sa yake da sauƙin cirewa shi ne yana zaune a wurare ƙididdigaggu. Manhaja takan yanka 'yan siraran gurabe a daidai waɗannan lambobi ta bar sauran sauti yadda yake. A Resolve, a shafin Fairlight, sunan kayan aikin De-Hummer, kuma yana cikin manhajar kyauta. A Premiere yana cikin Essential Sound: a zaɓi Dialogue, a buɗe Repair, a kunna DeHum. Dukansu biyu suna tambayar 50 ko 60. Wanda ya kwaikwayi darasin wani Ba'amurke ya danna 60 a kan ɗaukar da aka yi a Kano zai yanki murya a banza, ƙugi na nan daram. Haka kuma hirar da aka ɗauka da alhazai a masauki a Makka ko Madina, 60 take so, ko da a Zariya ake tace ta.

Sai dai falon dattijonmu da janareta yake, kuma a nan ne darasin littafi yake gazawa. Ƙaramin janareta yana ba da 50 Hz ne idan injinsa yana juyawa sau 3,000 a minti. Da firji ya tashi, inji ya ji nauyi, sai juyin ya ragu, kaɗawar ta sauko zuwa 48 ko ƙasa. Da an kashe wani abu ta haura 52. Gurbin da manhaja ta yanka a 50 siriri ne, faɗinsa bai wuce 'yan lambobi biyu ko uku ba, don haka ƙugin yakan zame ya fita daga ciki. A ninke-ninken abin ya fi muni: idan tushe ya kauce da 2, na 150 ya kauce da 6, na 200 ya kauce da 8. Alamar da za a gane haka ita ce ƙugi ya ɓace na ɗan lokaci, ya dawo, ya sake ɓacewa.

Maganin yana buƙatar haƙuri. A ɗora Frequency Analyzer a kan layin muryar, a kunna wurin shiru, za a ga tsini-tsini a tsaye a jere, na farkonsu shi ne tushe. Idan ya nuna 52, sai a bar zaɓin 50 a koma Var a cikin De-Hummer, a juya har a dace da shi. A Premiere, cikakken DeHummer da ke cikin Effects yana bari a rubuta lambar da hannu, a faɗaɗa gurbin, a kuma faɗi ninki nawa za a bi. Idan kaɗawar ta sauya a tsakiyar hira, a yanka ɗaukar gida biyu ko uku, kowane yanki a saita masa nasa. Sannan a danna Hum Only, ko Output Hum Only a Premiere, wanda ke jiyar da abin da ake zubarwa kaɗai. Idan aka ji kalmomin dattijon a cikinsa, an wuce gona da iri, sai a sassauta.

Wannan taka-tsantsan yana da dalili. Tushen muryar namiji yana tsakanin 85 da 180 Hz, na mace kuma tsakanin 165 da 255. Ke nan ninkin 100 da na 150 a tsakiyar muryar dattijon suke zaune. Yankan da ya yi faɗi a wurin zai tafi da kaurin muryar, mutum mai cikar murya ya koma kamar ana jin sa ta tsohuwar wayar tarho. Saboda haka ake haɗawa da wani yanka mai sauƙi a EQ: a kunna High Pass a wajen 80 Hz, ya rage duk abin da ke ƙasa da nan, inda murya ba ta da kaya. Wannan yana rage tushen ƙugi ko da janareta na wasa da shi, ya kuma tafi da rugugin fanka da na manyan motoci da ke wucewa a titi. Ga mace ana iya kai shi 100 ko 120. Ga dattijo mai murya a ƙirji, 70 ya fi aminci.

A lura kuma, ƙugin da ya biyo waya daban yake da ƙarar injin janareta da ta shigo ta taga. Ta biyun sauti ce ta iska, ta bazu ko'ina, tana hawa tana sauka. De-Hummer zai ɗan taɓa ta ne kawai. Sauran sai a mataki na gaba, kuma ko a can ba za ta fita duka ba.

A misalinmu, bayan wannan aiki, shirun ɗakin ya sauko daga -37 zuwa kusan -44.

Huci

Yanzu da ƙugi ya kau, huci ya fito fili. Asalinsa daga cikin na'ura yake. Duk kayan lantarki suna da ɗan hucinsu na halitta, kuma abin ƙara sauti da ke cikin ƙananan kyamarori da wayoyi ya fi yawan sa. Idan makirufo yana kusa da baki, murya tana danne shi, ba a ji. Idan yana nesa sai an ɗaga sauti sosai, shi ma ya taso. Duk lokacin da aka ninka nisa, ƙarfin muryar da ke zuwa kai tsaye yana faɗuwa da desibel 6. Daga santimita 25 zuwa 50, zuwa mita ɗaya, zuwa mita biyu, ninki uku ke nan, desibel 18. Su ne dai 18 ɗin da mai tacewa ya ɗaga ɗazu. Da makirufon yana maƙale a rigar dattijon, da babu wanda zai ji hucin.

Huci ba shi da gurbi ɗaya da za a yanka. Ya shimfiɗu ne daga ƙasa har sama, don haka dabarar cire shi daban take. Manhaja takan raba sauti zuwa ɗaruruwan siraran layuka, ta auna yawan hucin da ke kowane layi a lokacin da ba a magana, sannan ta riƙa debe wannan adadin daga duk ɗaukar. Inda murya ta fi ƙarfi ta bar ta ta wuce, inda babu komai sai huci ta danne. Wani masani a Jami'ar Utah ta Amurka, Steven Boll, ya bayyana wannan hanya a shekarar 1979, kuma yawancin kayan rage huci na gargajiya a kanta suka ginu.

A Resolve sunansa Noise Reduction, yana da hanya biyu. Auto Speech Mode yana ƙoƙarin gane murya da kansa. Manual kuma sai an koya masa: a kai kan wurin shiru, a danna Learn, a kunna sakan biyu ko uku, a sake dannawa kafin magana ta fara. Idan hucin bai sauya ba daga farkon hira zuwa ƙarshe, Manual ya fi tsabta. Amma samfurin ya zama shiru na gaskiya. Idan akwai jan numfashi a ciki, ko motsin riga, ko wutsiyar kalmar da ta wuce, manhaja za ta ɗauke su a matsayin ƙara, ta bi duk hirar tana cin irinsu a cikin muryar. Wannan ne ma ya sa aka fara da ƙugi, don kada ya cika samfurin. A Premiere, Reduce Noise da DeNoise ba sa neman samfur, da kansu suke kimantawa. Maɓallin Reduce Noise yana tafiya daga 0 zuwa 10, kuma a fara daga 2 ko 3 a riƙa hawa a hankali ya fi a fara daga sama.

A nan ne hannun mai tacewa yake nuna kansa. Huci ba ya tsayawa cak, yana rawa kaɗan-kaɗan a kowane layi. Idan aka debe matsakaicinsa, 'yan ɓurɓushi sukan tsira nan da can, su riƙa ƙyalƙyala a bayan murya da wani sauti mai kama da ɓulɓular ruwa. Ƙara matsawa yana kashe su, amma sai ya shiga cikin muryar. Kuma abin da yake fara ci shi ne baƙaƙen da su ma huci ne a asalinsu: s, sh, ts, f, z, h. Ƙarfinsu yana can sama, wajen 4,000 zuwa 8,000 Hz, kuma ba su da nauyin wasula, don haka manhaja tana rikita su da ƙara. Hausa cike take da su. Gwaji mai kyau shi ne a nemi jimlar da dattijon ya jero irin waɗannan, kamar inda ya ce "tsofaffin sarakuna sun sha faɗa", a maimaita ta ana kunna gyaran ana kashewa. Idan "ts" ta rasa tsininta, ko "sh" ta dushe kamar mai magana ba shi da haƙoran gaba, a ja baya. Maɓallin Noise Only a Resolve, ko Output Noise Only a DeNoise, shi ma yana tona asiri: abin da ya kamata a ji a ciki huci ne zalla.

Ragin desibel 6 zuwa 10 shi ne iyakar da yawancin ɗauka ke jurewa ba tare da tabo ba. Idan ana son fiye da haka, a yi sau biyu da sauƙi-sauƙi ya fi a yi sau ɗaya da ƙarfi. Ɗan hucin da ya rage a bar shi. Kunnen mutum yana sabawa da ƙara mai ɗorewa cikin 'yan sakanni ya manta da ita, amma ba ya sabawa da murya mai ɓulɓula, ko da shirun da ke faɗowa tsit tsakanin kalmomi sannan huci ya dawo tare da magana. Da ragin desibel 8, shirun falon dattijon ya kai -52, muryar tana -12. Tazarar da ta fara da 25 ta zama 40, kuma wannan ya wadatar ga hirar da za a kalla a waya ko talabijin.

Amsa-kuwwa

Ƙugi da huci baƙi ne a cikin ɗaukar, kamar tsakuwa a shinkafa, ana iya tsince su. Amsa-kuwwa kamar gishiri ce da ya riga ya narke a miya, domin ita ma muryar dattijon ce. Ta fita daga bakinsa, ta bugi bango, ta bugi tayil, ta bugi rufi, ta iso makirufo a makare daga ɓangarori da yawa. Kaurinta nasa ne, kaifinta nasa ne, kuma tana kwanciya a kan kalmar da ke biye. Babu wurin shiru da za a ɗauki samfurinta, tunda da ya yi shiru ita ma ta mutu.

Wanda ya fara auna wannan abu da lissafi shi ne Wallace Sabine, malamin kimiyya a Jami'ar Harvard. A 1895 aka ba shi aikin gyara wani ɗakin lacca a gidan tarihin Fogg, inda kalma ɗaya kan yi sama da sakan biyar tana yawo, ɗalibai ba sa fahimtar malami. Cikin dare yake aiki, da agogon awo da bututun busa, yana kwaso matasan kujeru daga zauren Sanders yana jerawa yana aunawa. Abin da ya gano har yau da shi ake aiki: daɗewar amsa-kuwwa tana ƙaruwa da girman ɗaki, tana raguwa da yawan kayan da ke shanye sauti. Idan aka bi lissafinsa, falo mai girman na dattijonmu, idan babu kaya a ciki, zai riƙe sauti kusan sakan biyu. Mai magana a natse yana furta gaɓa huɗu ko biyar a sakan, ke nan kowace gaɓa tana zuba a kan wasu da dama da ke bayanta. A shimfiɗa kafet, a rataya labule mai nauyi, a shigo da kujerun kushin, sai ta sauko ƙasa da sakan ɗaya. Wannan ne ya sa karatun da aka ɗauka a babban masallaci mai tayil da kubba, da waya daga sahun baya, yake wahalar ji ko da an ƙure sauti.

Premiere yana da Reduce Reverb a cikin Repair, da DeReverb a cikin Effects, tun daga fitowar ƙarshen 2018. Yana kimanta wutsiyar da kowane sauti zai bari, ya danne ta. A ɗaki matsakaici yana aiki, muryar ta matso kusa. Amma iyakarsa ba ta da nisa. Da an haura tsakiyar maɓallin sai ƙarshen kalmomi ya fara guntulewa, dogayen wasula su gajarce, muryar ta riƙa shiga tana fita. Ga Hausa wannan ba ƙaramin lahani ba ne, domin tsawon wasali da hawa da saukar murya suna cikin abin da ke rarrabe ma'ana. A tsaya a inda aka fara fahimtar magana ba tare da wahala ba, ko da ana jin ɗakin.

Mai aiki da Resolve na kyauta zai haɗa dabara biyu. Ta farko a EQ: ƙananan ɗakuna masu bangon siminti sukan tara wani kumburi tsakanin 200 da 500 Hz. A ɗaga siririn gurbi da desibel 8 ko 10, a riƙa jan sa a hankali a wannan yanki har a ji inda kumburin ya fi muni, sannan a juya shi ƙasa, a rage desibel 3 ko 4, a ɗan faɗaɗa shi. Ta biyu a Dynamics: a kunna Expander, wanda ke ƙara sauke duk sautin da ya faɗi ƙasa da wani mataki. A saita Threshold ƙasa kaɗan da mafi raunin kalmomin dattijon, a taƙaita Range a desibel 6 zuwa 8, a bar Release wajen kashi ɗaya cikin biyar na sakan don kada ya sare ƙarshen kalma. Wannan yana gajarta wutsiyar da ke biyo bayan jimla. Wadda ke kwance a ƙarƙashin magana kuwa tana nan, ba ya iya kai mata. Gate, wanda ke rufewa ruf, bai dace da hira ba.

Jerin da aka bi yana da muhimmanci, domin manhajojin biyu suna bin kayan gyara ɗaya bayan ɗaya yadda aka jera su. Yankan ƙasa da De-Hummer su zo farko, sai rage huci, sai amsa-kuwwa, sannan gyaran daɗin murya. Compressor, wanda ke daidaita ƙarfin magana, shi ne na ƙarshe, kuma a irin wannan ɗauka a sa shi da sauƙi. Aikinsa shi ne danne mai ƙarfi don a ɗaga mai rauni, kuma mai rauni a nan shi ne hucin da wutsiyar da aka sha wahalar saukewa. Wanda ya sa shi a farko, ko ya matsa shi, ya dawo da su da hannunsa.

Wani abu da masu ɗauka ke yawan mantawa, alhali sakan 30 kawai yake ci, shi ne ɗaukar shirun ɗaki. Bayan an gama hira, kowa ya tsaya inda yake, makirufo na wurinsa, a yi tsit a ɗauka. Da shi ake koya wa Noise Reduction, da shi kuma ake cike gurbin da aka yanke tari ko tuntuɓen harshe, don kada a ji ɗakin yana ɓacewa yana dawowa. Haka nan a kawo wa mai tacewa ainihin fayil daga katin kyamara. Wanda aka turo ta WhatsApp a matsayin bidiyo an riga an matse shi, hucinsa ya dagule da muryar, kuma kayan gyara sun fi yin ɓarna a kansa.

Wani lokaci duk an yi wannan, amma wata jimla ta ƙi fitowa. Idan fim ne, ana kiran ɗan wasa ya maimaita maganarsa a ɗaki mai labule yana kallon bakinsa a allo, kuma Fairlight yana da sashen ADR don wannan aiki. Sai a shimfiɗa shirun ɗakin asali a ƙarƙashi don sabuwar muryar ta zauna da sauran. Idan shirin labari ne, ɗan kiɗa a ƙasa-ƙasa yana rufe ragowar huci, amma wannan ba ya yiwuwa a karatun malami ko ta'aziyya. Hirar dattijo kuwa ba a maimaita ta, ba a kuma so a taɓa kalamansa. A irin wannan, mai tacewa yakan bar jimlar da amsa-kuwwarta, ya rubuta maganar a ƙasan allo.

Kafin a fitar da aiki, ya kamata mai tacewa ya tashi daga kujera na ɗan lokaci, domin kunnen da ya yi awa guda yana farautar huci ya daina jin lahanin da ke cikin murya. Idan ya dawo, ya daidaita ƙarfin asalin ɗaukar da na gyararriyar, tunda duk wadda ta fi ƙarfi ita kunne zai zaɓa, sannan ya riƙa sauya su. Ya saurara a hedifon don ɓulɓula, a lasifikar waya don huci da baƙaƙen da suka dushe, a babbar lasifika ko mota don ragowar ƙugi. Ya kuma kunna wa wani da bai san abin da dattijon ya faɗa ba, ya ce ya maimaita masa jimla biyu ko uku daga wuraren da suka fi wahala. Inda mutumin ya yi tuntuɓe, a koma wurin a sassauta Noise Reduction ko Reduce Reverb da mataki ɗaya, a sake gwadawa.